Inuwar Zuciya: Abin da Likita Ke Nema a Hoton Ƙirji

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya asibiti ya san wannan ɗan lokacin. Likita ya zaro baƙin fim daga ambulan, ya ɗaga shi wajen taga ko ya manna shi a kan akwatin haske, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Zuciyar ta kumbura, kuma akwai ruwa a huhu." Masu jinya su leƙa, ba su ga komai ba sai haƙarƙari da wani farin dunƙule a tsakiya. Amma likitan ba duba ya yi ba. Abubuwa uku ya auna da ido, wani lokaci har da rula: faɗin zuciya idan aka kwatanta da faɗin ƙirji, kaurin jijiyoyin jini na saman huhu, da wasu 'yan siraran layuka da ke fitowa can ƙasa a gefen haƙarƙari.

Kafin a kai gare su, sai an san cewa hoton ƙirji inuwa ce. Hasken da Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano a 1895 yana ratsa iska cikin sauƙi, shi ya sa huhu mai lafiya ke fitowa baƙi. Ƙashi yana tare hasken, sai ya fito fari. Ruwa da jini da tsoka suna tsakani, kuma fim ba ya bambanta su: zuciya da jinin da ke cikinta da duk wani ruwa da ya taru a kewayenta, inuwa ɗaya suke yi. Wannan magana za ta dawo nan gaba, domin nan ne hoton ke yaudarar mutane.

Ita kuwa gazawar zuciya ba tsayawar zuciya ba ce. Zuciya tana bugawa, sai dai aikin ya fi ƙarfinta. Ɓangarenta na hagu shi ke karɓar jinin da ya sha iska a huhu ya tura shi jiki. Idan ya kasa kwashe abin da ke zuwa masa, jini sai ya yi ta taruwa a baya, wato a huhu, kamar yadda ruwa ke cika kwata idan bakin magudana ya toshe. Matsi ya hau a cikin jijiyoyin huhu, daga nan ruwa ya fara tsattsafowa ta bangonsu. Alamomin da ake gani a fim sawun wannan hauhawar matsin ne, kuma sukan zo bi da bi.

A ɗauki misalin da ma'aikatan asibitocin Kano da Zariya da Sakkwato suka saba gani. Mai jego ce 'yar shekara ashirin da 'yan kai, ta yi arba'in ba da jimawa ba. Ƙafafu sun kumbura, tana haki ko tsakar gida ta ratsa, da dare ba ta iya kwanciya sai an jera mata matasai, wani lokaci ta farka a firgice tana neman iska. A gida an ce sanyi ne ya shige ta, an yi ta ba ta maganin tari. Da aka zo asibiti likita ya saurari ƙirjinta, ya tura ta ɗakin hoto.

Abin da ke faruwa a ɗakin nan shi ne rabin aikin. Mai ɗaukar hoto zai tsayar da ita, ƙirjinta a manne da allon fim, injin yana bayanta da tazarar kimanin santimita 180. Zai sa ta ɗora hannuwa a ƙugu ta turo kafaɗu gaba, don allunan kafaɗa su kauce daga kan huhu. Sai ya ce, "Ja numfashi sosai, riƙe, kada ki motsa." Irin wannan hoton ake rubuta wa PA a kusurwar fim, ma'ana hasken ya shiga ta baya ya fita ta gaba. Dalilin wannan tsari kowane yaro ya san shi, in dai ya taɓa wasa da tocila a jikin bango: idan hannu yana kusa da bango inuwarsa daidai take da shi, idan ya matso wajen tocila sai inuwar ta zama ƙatuwa. Zuciya tana gaban ƙirji ne, don haka ake manna gaban da fim, a kuma nisantar da injin, inuwar ta fito kusan daidai da girmanta na gaskiya.

Mara lafiyar da ba ya iya tsayuwa, a kan gado ake ɗaukarsa, fim a bayansa, injin a gabansa kuma kusa. Wannan shi ne AP. A nan zuciya ta yi nisa da fim, inuwarta ta ƙaru, kuma lafiyayyar zuciya ma tana iya fitowa kamar mai ciwo. Likitan da ya san aikinsa, kusurwar fim yake fara dubawa kafin tsakiyarsa. Sannan ya ƙirga haƙarƙari: idan an ja numfashi yadda ya kamata, za a ga wajen shida ta gaba ko tara zuwa goma ta baya a saman tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Idan ba a ja ba, tantanin yana sama, ya tokaro zuciya ta kwanta a gicciye ta yi faɗi, jijiyoyin ƙasan huhu su cunkushe kamar akwai ruwa. Haka tsohon ciki ke yi, da ƙiba mai yawa, da ruwan da ya taru a ciki. Karkacewar jiki ma tana canza siffar inuwar, shi ya sa ake duba ko kawunan ƙasusuwan nan biyu na ƙasan wuya sun saka ƙashin baya a tsakiya daidai. Mutane da dama sun koma gida da fargabar "kumburin zuciya" alhali numfashi ne kawai ba su ja ba.

To, fim ɗin mai jegon nan ya yi kyau, PA ne, a tsaye, numfashi a cike. Sai awo. Ana ja layi a tsaye ta tsakiyar ƙashin baya. Daga layin a auna zuwa inda gefen zuciya ya fi nisa ta dama, a ce an sami santimita 5.5. A auna zuwa inda ya fi nisa ta hagu, a ce santimita 11. Wuraren biyu ba sa kan layi ɗaya, na hagu ya fi yin ƙasa, shi ya sa ake auna su dabam a haɗa. Faɗin zuciya ya zama 16.5 ke nan. Daga nan a auna faɗin ƙirji a inda ya fi faɗi, daga cikin haƙarƙarin dama zuwa cikin na hagu, ban da tsoka da fata. A ce 27. Idan aka raba 16.5 da 27 za a sami 0.61. Ƙa'idar da ake bi ita ce, a babban mutum zuciya ba ta wuce rabin faɗin ƙirji, wato 0.5. Tata ta wuce da nisa.

Wannan lissafi ya haura shekara ɗari, wani likita mai suna Danzer ne ya bayyana shi a 1919, kuma ya daɗe ne saboda sauƙinsa: rula kawai yake buƙata, ko ma tsinken biro a kwatanta. Amma sauƙin nan yana da farashi. A jarirai zuciya takan kai kusan 0.6 ba tare da ciwo ba. Mai tsohon ciwon huhu wanda ƙirjinsa ya buɗe da iska, zuciyarsa na iya yin girma amma lissafin ya nuna daidai, domin abin da ake rabawa da shi ya ƙaru. Sannan girman inuwa ba ya faɗin abin da ke ciki. Akwai jaka mai laushi da ta lulluɓe zuciya, idan ruwa ya taru a cikinta inuwar sai ta yi zagaye kamar tulu, alhali ita zuciyar ba ta ƙara ko kaɗan ba, matse ta ma ruwan yake yi. A ƙasashen Afirka tarin fuka yana kan gaba cikin abubuwan da ke kawo wannan, kuma maganinsa dabam ne gaba ɗaya. Abin da kan sa likita ya yi zargi shi ne ya ga ƙatuwar inuwa amma huhu tas, babu cunkoson jijiyoyi.

Akwai kuma akasin haka. Zuciya ba ta faɗaɗa a dare ɗaya, sai ta yi makonni ko watanni tana fama. Mutumin da jijiyar zuciyarsa ta toshe yau da asuba yana iya zuwa da huhu cike da ruwa da azahar, inuwar zuciyarsa kuwa daidai. Dattijuwar da hawan jini ya sa bangon zuciyarta ya yi kauri ya ƙage, ita ma tana iya gazawa ba tare da faɗin ya wuce rabi ba. Saboda haka awon faɗi labarin abin da ya daɗe yake bayarwa. Halin da ake ciki yau, a huhu ake karanta shi.

Waɗancan fararen rassa da ake gani sun bazu daga tsakiyar ƙirji kamar saiwar itace, jijiyoyin jini ne. Idan mutum yana tsaye, nauyi yana jan jini ƙasa, don haka jijiyoyin ƙasan huhu sun fi kauri da cika, na sama kuwa sirara ne, wasu ma a tsuke suke kamar tiyon da ba a buɗe wa famfo ba. Haka lafiyayyen fim yake: ƙasa ya fi sama. Matsin jini a jijiyoyin da ke komawa zuciya daga huhu ba ya wuce 12 a irin ma'aunin da ake auna hawan jini da shi. Idan ya hau zuwa tsakanin 13 da 18, tsarin sai ya fara juyewa. Ƙasan huhu, inda matsin ya fi yawa, shi ke fara jiƙewa, jijiyoyinsa su matse, jini ya nemi hanya mafi sauƙi ya karkata sama. Jijiyoyin saman su buɗe, su yi daidai da na ƙasa, daga baya su fi su. A fim ana ganinsu sun miƙe sama daga tsakiya ta ɓangarorin biyu, kamar ƙahonni masu rassa.

Yadda ake tantancewa shi ne a ɗauki jijiya a sama da wata a ƙasa, masu nisa ɗaya daga tsakiyar huhu, a kwatanta kaurinsu. Wasu likitocin kan duba tsakanin haƙarƙari na farko da na biyu ta gaba, inda jijiya ba ta cika wuce milimita 3 ba. Akwai wata dabara mai kyau kuma: kusa da tsakiyar huhu akan ga jijiya da bututun iska gefe da gefe, an kalle su ta baki, ɗaya farin ɗigo ɗaya zobe. A sama ɗigon bai kamata ya fi zoben girma ba. Idan ya fi shi, jini ya karkato.

Gaskiyar magana, cikin alamomin uku wannan ce ta fi jawo gardama, likitoci biyu na iya kallon fim ɗaya su saɓa. Kuma ba ta da ma'ana sam idan a kwance aka ɗauki hoton, domin da mutum ya kwanta nauyi ya daina bambanta sama da ƙasa, jijiyoyin saman su cika ko lafiyarsa ƙalau. Haka wanda wata cuta ta lalata masa ƙasan huhu, jininsa zai koma sama ba don laifin zuciya ba. A fim ɗin mai jegon, da yake a tsaye aka ɗauka, rassan sama sun fi na ƙasa kauri a fili, gefunansu kuma sun yi dishi-dishi kamar an shafa da yatsa. Wannan dishin yana nufin ruwa ya riga ya fara fita daga jijiyoyin.

Inda ruwan ke fara zama shi ne ya haifar da alama ta uku, wadda ta fi sauran kyau a ido, ta kuma fi su tabbas idan an gan ta. Huhu ba buhu ɗaya ba ne. An yanka shi ƙanana-ƙanana kamar fangalin lambu, kowane yanki faɗinsa santimita ɗaya zuwa biyu da ɗoriya, tsakaninsu akwai siririn bango. Ta cikin bangon nan ƙananan jijiyoyin jini ke bi, tare da wasu magudanai da aikinsu kwashe ruwan da ya tsattsafo su mayar da shi cikin jini. A mai lafiya bangon ya yi sirantar da fim ba ya kama shi. Idan matsi ya kai wajen 18 zuwa 25, ruwan da ke fita ya fi ƙarfin magudanan, bangon ya jiƙe ya yi kauri, sai ya bayyana.

Abin da ake gani 'yan gajerun fararen layuka ne a kwance, tsawonsu santimita 1 zuwa 2, kaurinsu bai wuce milimita ɗaya ba, jere ɗaya bisa ɗaya kamar matakalar tsani. Wurinsu can ƙasa ne a gefe, dab da kusurwar da haƙarƙari ya haɗu da tantanin ciki, kuma suna taɓa bangon ƙirji. Wannan taɓawar ita ce shaidarsu. Jijiyoyin jini suna yin rassa, suna sirancewa, suna ɓacewa kafin su kai santimita na ƙarshe na gefen huhu. Layin da ya miƙe sak, bai yi reshe ba, ya je ya dafa bango, ba jijiya ba ce. Wanda bai san da su ba ba zai taɓa ganinsu ba, dole a matso da ido kusurwar, ko a ƙara girman wurin idan a kwamfuta ake dubawa, kuma fim ɗin da ya ƙone da yawan haske yakan haɗiye su.

Sunan Peter Kerley suke ɗauke da shi, likitan hoto ɗan ƙasar Ayalan da ya yi aiki a Landan. Ya fara bayyana irin waɗannan layuka a 1933. Daga baya aka raba su gida uku, A da B da C. Na B su ne waɗannan gajerun na gefe, su ake nema kullum. Na A sun fi tsawo, suna fitowa a karkace daga tsakiya zuwa saman huhu. Duk abin da ya kauraro bangon zai fito da layin, ko ruwa ne, ko ƙura, ko ciwon daji da ya bi magudanan. Bambancin shi ne na gazawar zuciya sukan zo a ɓangarorin biyu, tare da sauran alamomi, kuma su tafi idan an janye ruwan. Layukan da suka fito a gefe ɗaya kawai, ko suka ƙi gushewa bayan magani, suna sa likita ya sake tunani.

Akwai wani yanayi da layukan ke fitowa alhali faɗin zuciya kusan daidai, kuma ya shafi ƙasar Hausa sosai. Ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba a yarinta yana iya jawo zazzaɓin da ke taɓa gaɓoɓi da zuciya, bayan shekaru ƙofar da ke tsakanin ɗakunan hagu biyu ta ƙanƙance. Jini ya taru a bayanta, huhu ya cunkushe, amma babban ɗakin da ke tura jini bai faɗaɗa ba. A fim gefen hagu na zuciya yakan miƙe maimakon ya lotsa. Wanda ya tsaya a lissafin rabi kawai zai sallami wannan mara lafiya.

Idan matsin ya haura 25, ruwa ya tsallake bango ya shiga cikin ƙananan jakunkunan iska su kansu. Nan ne fim ke yin fari kamar gajimare, sau da yawa daga tsakiya zuwa gefuna biyu, siffar da ake kamantawa da fukafukan jemage. Mara lafiya a wannan hali ba ya buƙatar hoto kafin a gane, yana zaune yana gumi, wani lokaci yana tofar da kumfa. Ruwa kan taru kuma a wajen huhu, tsakaninsa da haƙarƙari, ya cike kusurwar nan mai tsini ta koma dakusasshiya. Sai ya kai wajen mililita 200 kafin a gan shi a hoton gaba, kuma ya fi son ɓangaren dama. Waɗannan lambobi na matsi jagora ne kawai. Wanda ya shekara da ciwon, magudanansa sun buɗe sun saba, yana iya ɗaukar matsi mai yawa huhunsa ya fito kusan tas. Wani babban bincike a Amurka ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar da aka kwantar da gazawar zuciya, ba a ga alamar cunkoso a hotonsu na farko ba.

Mai jegon dai fim ɗinta ya haɗa duka: 0.61, rassan sama masu kauri, layuka a kusurwoyi biyu, da ɗan ruwa a dama. Hoton ya faɗi cewa zuciya ta gaza kuma huhu ya jiƙe. Bai faɗi dalili ba. Wannan aikin hoton eko ne, wanda ke amfani da sauti ya nuna zuciya tana motsi, a ga ƙarfin matsawarta, da ƙofofinta, da ko akwai ruwa a jakarta. A yankin Afirka kudu da Sahara hawan jini ne kan gaba wajen kawo gazawar zuciya, amma a mace irin wannan abin da aka fi zargi shi ne raunin tsokar zuciya da ke biyo bayan haihuwa. A Zariya Davidson da Parry suka yi nazarinsa a shekarun 1970, inda suka danganta yawansa da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Bincike na baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na Najeriya bai sami alaƙa tsakanin ciwon da wankan ko kunun ba, ya fi nuna rama, da hawan jinin masu ciki, da halin rashi. Duk da haka, wadda zuciyarta ta riga ta gaza ana hana ta kanwa da yawan gishiri, domin suna riƙe ruwa a jiki.

Aka kwantar da ita, aka fara allurar furusemid, wadda masu jinya ke kira allurar fitsari, tare da magungunan da ke rage wa zuciya nauyi. Cikin kwana biyu ta fara kwanciya da matashi ɗaya. Da an sake hoto a ranar, mai yiwuwa a ga huhun bai washe ba tukuna, domin fim yakan biyo bayan jiki da yini ɗaya ko biyu, wajen zuwa da wajen tafiya. Shi ya sa ake auna nauyinta kowace safiya maimakon a yi ta kai ta ɗakin hoto. Bayan mako biyu aka sake ɗauka, a tsaye, PA, kamar na farko. Layukan kusurwa sun ɓace, kusurwar dama ta dawo da tsininta, rassan sama sun sirance. Faɗin zuciya kuwa daga 16.5 ya sauko 15.5 kawai, wato 0.57, kuma zai iya ɗaukar watanni kafin ya koma ƙasa da rabi, a wasu matan ma ba ya komawa. Likita ya rubuta kwanan wata a kan ambulan ɗin biyu, ya miƙa wa mijinta, ya ce a ajiye su inda zafi da danshi ba za su taɓa su ba, kuma duk ranar da za a dawo asibiti, ko wani asibitin ne, a zo da su tare.